Yadda ake tsara jadawalin tafiyar ayari: misali daga Jos zuwa ɗaurin aure a Zariya

Shekarun baya mun taɓa wayar gari mu goma sha uku tsaye a ƙofar gida da jakunkuna, sanyin Jos na kaɗa mu, babu mota. Direban da muka yi magana da shi ya kwashi wata shatar tun daren jiya, domin babu wanda ya ba shi ko sisi na kafin alƙalami. Kawu ya ɗauka Yaya ya biya, Yaya ya ɗauka ma'aji ya tura, ma'aji kuwa yana jiran a ce masa tura. A takardar da muka rubuta a taron dangi, gaban kalmar "mota" abin da ke rubuce shi ne "kwamiti". Tun daga ranar, duk tafiyar da ta wuce mutum shida sai na zana mata jadawali, kuma kalmar kwamiti ba ta sake shiga cikinsa ba.

Zan bi da ku ta kan wanda muka yi lokacin ɗaurin auren ƙanena a Birnin Zariya. Mu 16 ne, maza 10 mata 6, an sa ɗaurin aure ranar Asabar da ƙarfe 11 na safe, cikin hunturu. Kuɗaɗen da za ku gani na tafiyarmu ne a lokacin, don haka ku tambayi farashin ranarku, ku ɗauki hanyar lissafin kawai.

A fara da lokacin da ba ya motsi

Yawancin mutane suna fara jadawali da tambayar ƙarfe nawa za mu tashi. Wannan tambaya ce ta ƙarshe. Ta farko ita ce wane abu ne a tafiyar nan ba zai jira mu ba. Liman ba zai tsayar da ɗaurin aure don motarku ta yi faci ba, haka jirgi, haka sallar Juma'a. Irin waɗannan lokutan ake fara kafawa, sannan a riƙa ja da baya har a iso ƙofar gida.

Mu abu biyu muka kafa. Ranar Asabar ɗaurin aure ƙarfe 11, ranar Juma'a kuma muna son sallar Juma'a ta same mu a Zariya, wanda masu masaukinmu suka ce a masallacin kusa da su ƙarfe 1:30 ake tayarwa. Kenan dole mu kasance a masauki 12:30, a sauke kaya, a yi alwala a tsanake.

Sai tsawon hanya. Daga Jos ana fita ta Farin Gada, a bi Mista Ali da Jengre, a shiga Saminaka, a wuce Pambeguwa da Soba da Maigana kafin Zariya, tafiyar sama da kilomita 200. Direba ya ce awa huɗu ce. Ban ƙaryata shi ba, amma awa huɗun direba ta mutum ce da ba ya tsayawa fitsari, ba ya ɗauke da tsohuwa mai ciwon ƙafa, kuma ba a tsayar da shi a shinge ko ɗaya ba. Na ƙara minti 30 na karin kumallo a Saminaka, na ƙara wasu 30 na abin da ba a sani ba, ta zama awa biyar. A cire awa biyar daga 12:30, a samu 7:30. Lokacin tashi ke nan, lissafi ne ya fito da shi.

Daga nan sai lokacin haɗuwa, wanda layinsa daban ne. Ɗora kayan mutum 16, ɗaure akwatuna, gardamar wa zai zauna gaba, da wanda zai tuna ya bar hularsa a ɗaki, ba sa ɗaukar ƙasa da minti 45. Sai muka rubuta haɗuwa 6:45, tashi 7:30. Akwai masu cewa a faɗa wa mutane ƙarfe 6 alhali an san 7:30 za a tashi. Ni ba na yi. Sau ɗaya dabarar ke ci, a tafiya ta gaba kowa ya san ƙarfe shidanka bakwai da rabi ne, sai ya zo takwas. Gara a rubuta lokutan biyu a fili, a kuma faɗa tun a taro cewa 7:30 mota za ta ɗaga, wanda ya makara ya biyo motar tasha da kuɗinsa.

Ja da bayan nan ne ya tono mana matsalar dawowa. Da farko shirin shi ne a ɗaura aure, a zauna walima, a yi azahar, a kama hanya wajen 2:30. Da muka ɗora awa biyar sai ga mu a Jos 7:30 na dare, alhali a hunturu shida na wucewa kaɗan rana ta faɗi, kuma dattawanmu sun riga sun ce ba a yi musu tafiyar dare. Zaɓi biyu ya rage: a ƙara kwana, wato wasu ₦108,000 na ɗakuna da ƙarin kuɗin direba, ko a tashi 12:45, a ƙunso mana abincin walima, a haɗa azahar da la'asar a hanya tunda matafiya ne. Muka zaɓi na biyu, muka kuma sanar da gidan amarya tun saura mako guda don kada a ce mun raina abincinsu. Da ba a zana jadawalin ba, wannan gardamar a ƙofar gidan surukai za a yi ta, kowa da babbar riga.

Gidajen jadawalin

Gida takwas sun isa. Ga namu kamar yadda yake a daren Talata, saura kwana uku tafiya. A nan na sa laƙabi, amma a naku ku rubuta sunan mutum da lambar wayarsa.

| Rana | Lokaci | Abin yi | Shaida | Kuɗi | An biya | Saura | Mai alhaki |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Alhamis | 5:00 yamma | Sayen ruwan sha | Ba a saya ba | 8000 | 0 | 8000 | Auta |
| Juma'a | 6:45 safe | Haɗuwa da lodi, gidan Baba, Anguwar Rogo | Sunaye 16 | 0 | 0 | 0 | Auta |
| Juma'a | 7:30 safe | Tashi, shatar bas zuwa da dawowa | Rasit, lambar mota | 260000 | 100000 | 160000 | Kawu |
| Juma'a | 9:30 safe | Karin kumallo a Saminaka, minti 30 | Babu buƙata | 32000 | 0 | 32000 | Anti |
| Juma'a | 12:30 rana | Masaukin maza da direba, ɗaki 6, Tudun Wada | Rasit, sunan wanda ya karɓa | 108000 | 54000 | 54000 | Yaya |
| Juma'a | 12:45 rana | Kai mata gidan Gwaggo | Gwaggo ta amsa | 0 | 0 | 0 | Anti |
| Juma'a | 8:00 dare | Abincin dare daga masu masauki | Sun amsa, mutum 11 | 0 | 0 | 0 | Abokin ango |
| Kwana biyu | | Abincin direba | A hannu | 10000 | 0 | 10000 | Kawu |
| Asabar | 10:00 safe | Barin masauki da kaya gaba ɗaya | Mayar da makullai 6 | 0 | 0 | 0 | Yaya |
| Asabar | 11:00 safe | Ɗaurin aure, cikin Birni | Katin gayyata | 0 | 0 | 0 | Baba |
| Asabar | 12:45 rana | Tashi zuwa Jos, isa 5:45 | Ƙirga mutane | 0 | 0 | 0 | Auta |
| | | Jimla | | 418000 | 154000 | 264000 | Ma'aji |

Ku lura da layukan da kuɗinsu sifili ne. Ba a cire su don kyauta ne, domin abin kyauta ya fi saurin faɗuwa ƙasa. Abincin daren da masu masauki suka yi alkawari, in ba a sa wani ya kira ya faɗa musu yawan bakunan da za su ci da inda za a kai kulolin ba, to a bakin mai shayi za a ƙare. Ku lura kuma mutum 11 aka rubuta, ba 10 ba. Direba mutum ne, yana cin abinci, yana buƙatar wurin kwana, kuma shi aka fi mantawa da shi a kowane lissafi. Wanda ya kwana a kujerar mota sauro na cizonsa shi ne zai tuƙa iyayenku gobe.

A littafi da rula ma ana iya zana wannan. Mai son yi a waya da Google Sheets ko Excel, gidan Kuɗi shi ne E, An biya F, Saura G. A gidan Saura na layin farko da ke ƙarƙashin sunayen gidajen a rubuta lissafin farko sannan a ja shi ƙasa, a gidan Kuɗi na layin jimla kuma a sa na biyu, a ja shi zuwa F da G:

```
=E2-F2
=SUM(E2:E12)
```

A rubuta alƙaluma zalla a gidajen kuɗi. In aka rubuta "dubu 54" ko aka manna harafin N a gaban lamba, manhajar za ta ɗauke shi rubutu ne. Gidan Saura zai nuna `#VALUE!`, wannan da sauƙi domin ana gani, amma `SUM` shiru zai yi ya tsallake layin, jimla ta fito ƙasa da gaskiya ba tare da kowa ya sani ba. Shi ya sa nake sake haɗa jimlar da hannu sau ɗaya kafin a tura wa mutane.

Gidan shaida

"Na yi magana da su" ba shaida ba ce. Wannan gidan shi ne bambancin abin da aka kama da abin da ake fata, kuma yawanci ɗaya daga cikin abu uku yake nunawa: ba a yi ba, an yi magana, ko an biya ga rasit.

A wajen mota, Kawu da kansa ya je tashar Bauchi Road, ya ga motar da idonsa, ya duba tayoyi da safaya, aka yi ciniki a gaban shugabannin layin, aka rubuta masa rasit. Bas ce mai kujera 18, kuma da gangan muka tsaya a mutum 16, domin irin waɗannan motocin ba su da wurin kaya na kirki, kujeru biyun baya na akwatuna ne. Abubuwan da aka fayyace a bakin ciniki su ne waɗanda ke kawo rigima a hanya: mai yana cikin kuɗin, gyara da faci na direba ne, duk abin da za a bayar a hanya nasa ne, zirga-zirgar cikin Zariya daga masauki zuwa Birni tana ciki, kuma ba zai ɗauki fasinjan hanya ba. Biyan ma kashi uku aka yi masa: ₦100,000 kafin alƙalami, ₦80,000 da safiyar Juma'a bayan ya iso ƙofar gida don ya sha mai, ₦80,000 bayan ya sauke mu a Jos. Kada a biya direba duka kafin a dawo. Ba zargi ba ne, cikon da ke hannunku shi ke sa motar ta kasance a inda aka ce ranar Asabar da 12:45.

A gidan shaida an rubuta lambar motar da lambar wayar direba, da ta wani shugaban layin. Ta ukun nan tana da amfani ranar da wayar direba ta ƙi shiga.

Masauki kuma abin da ke cin mutane shi ne canjin ma'aikata. Wanda kuka yi waya da shi ranar Litinin ba lallai shi za ku tarar ranar Juma'a ba, kuma ƙarshen mako a lokacin bukukuwa ɗaki ba ya jiran wanda bai biya ba. Yaya ya tura rabin kuɗi ta asusun otal ɗin, ba na wani ma'aikaci ba, ya sa aka turo hoton rasit ɗauke da ranar shiga da yawan ɗakuna, ya rubuta sunan wanda ya karɓa. Ya kuma tambayi ƙarfe nawa ake ba da ɗaki, tunda 12:30 za mu iso, wasu wuraren kuwa a lokacin ne baƙin jiya suke fita ana shara. Ranar Alhamis da yamma ya sake kira. Wannan kiran na jajibiri wajibi ne a kan duk mai layi: Kawu ya kira direba, Anti ta kira Gwaggo, abokin ango ya kira masu abinci, kowa ya dawo ya ce an tabbatar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rabon kuɗi, inda zumunci ke tsami

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba ₦418,000 gida 16. Ba adalci ba ne, domin mata a gidan Gwaggo za su kwana, babu dalilin da za su biya ɗakin otal. Sai a raba kuɗin kashi biyu, na kowa da kowa da na wasu.

Na kowa ya haɗa mota 260,000, ɗakin direba 18,000, abincinsa 10,000, karin kumallo 32,000 da ruwa 8,000, jimla 328,000. A kansa muka ɗora kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, ya zama 360,800. A raba wa 16, kowa 22,550, muka cike shi 23,000 don sauƙin karɓa. Maza kuma biyu-biyu suke a ɗakin 18,000, don haka kowanne ya ƙara 9,000. Mace ₦23,000, namiji ₦32,000. Abin da zai shiga hannun ma'aji ke nan ₦458,000, abin kashewa 418,000, rarar ko-ta-kwana 40,000. Goro da alawa da sauran kayan ɗaurin aure ba su shigo nan ba, na gida ne, takardarsu daban. In aka cakuɗa su, wanda ya zo rakiya sai ya ga kamar shi ake sa wa ya yi wa wani aure.

Jadawalin yana ba da hanyar binciken ma'aji ba tare da an ci fuskarsa ba. A daren Talata kowa ya biya, an fitar da 154,000, don haka dole a samu 304,000 a hannunsa, wato Saura 264,000 da ko-ta-kwana 40,000. In lambobin biyu ba su haɗu ba, ko wani bai biya ba an yi masa alama, ko an kashe wani abu ba a rubuta ba. A nemo shi a daren, tun ana tunawa. Ma'aji mutum ɗaya ne, asusu ɗaya, kuma ba ya riƙe wani layi na sayayya. Shi dai ya ba mai layi kuɗi, mai layi ya kawo masa shaida.

Sai maganar janyewa, wadda dole a yanke ta kafin a karɓi kuɗin kowa. Mota ba ta rage kuɗi don kujera ta zama fanko. Da mutum biyu za su fasa a mayar musu da kuɗinsu duka, 14 sau 23,000 zai ba da 322,000, bai ma kai 328,000 ba, balle a yi zancen ko-ta-kwana. Don haka muka rubuta a ƙasan jadawali cewa daga ranar da aka ba direba kafin alƙalami, kason mota, wato 260,000 a raba 16, ₦16,250, ba ya dawowa sai in mai janyewa ya kawo madadinsa. Ranar Laraba kuwa sai ga wata 'yar'uwarmu ɗanta ba lafiya. Ta kira tana cewa, "Ka yi haƙuri, ba zan samu zuwa ba." Na ce, "Allah ya ba shi lafiya, ma'aji zai turo miki 6,750, sauran kin ga abin da aka rubuta." Ta ce ta gani. Maganar ba ta wuce haka ba, saboda ƙa'idar ta riga rashin lafiyar zuwa, ba don ita aka ƙirƙiro ta ba.

Mai alhaki

Suna ɗaya a kowane layi. Ba biyu ba, ba "matasa" ba, ba "ɓangaren mata" ba. Mai layi yana iya sa wani ya taya shi, amma shi za a tambaya. Kuma ba a rubuta sunan mutum a bayan idonsa. A kira shi, a karanta masa layin, ya ce na karɓa.

A nan al'adarmu tana buƙatar dabara. Ba za ka iya tsare Kawu da tambayar ko ya biya ba kamar yadda za ka tsare Auta. Abin da nake yi shi ne in ba manya layin da girmansu ke aiki a ciki, irin cinikin mota da magana da surukai, in bar wa yara na ƙirga da guje-guje. Idan lokacin bibiya ya yi sai in ce, "Kawu, ina cike gidan shaida ne, a taimaka mini da lambar motar." In ya je tasha, lambar na hannunsa. In bai je ba, shi da kansa zai ce bari ya je yanzu, ba wanda ya ji kunya.

Kada mutum ɗaya ya kwashi layukan da lokacinsu ya haɗu. Da farko Yaya ne ke da masaukin maza 12:30 da kai mata 12:45, sai muka ga ba zai rabu biyu ba, aka mayar wa Anti. Ango kuma ba a ba shi ko layi ɗaya, ranar ba ya cikin hayyacinsa.

Turawa

Mutum ɗaya ke gyara jadawali, saura karatu kawai. A samansa a rubuta bugu na nawa ne da ranarsa, misali "Bugu na 3, Laraba da dare", domin da zarar an canza lokaci sau biyu a zauren WhatsApp, wani yana nan riƙe da hoton farko. A tura shi a matsayin hoto, wanda in an riga an sauke shi zai buɗu ko babu data, a kuma buga kwafi uku a takarda: na ma'aji, na mai ƙirga mutane, da wanda za a bari a gida ɗauke da sunayen matafiya da lambar mota. Akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanya, caji ma yana ƙarewa. Dattawan da ba sa karatun boko a karanta musu lokutan haɗuwa da tashi, a haɗa musu da salla, a ce bayan an dawo daga asuba a karya da ɗan shayi a fito.

Ranar Juma'a mun ɗaga 7:40, muka shiga masauki 12:20. Abin da jadawalin bai hango ba shi ne lungun gidan Gwaggo, wanda bas ba ta iya shiga, sai da aka ɗauki keke zuwa da dawowa kan ₦6,000, aka kuma sayi magani da ƙarin ruwa na ₦5,250. Ma'aji ya buɗe musu layi biyu a ƙasa nan take. Bayan cire 6,750 da aka mayar, da dawo da 2,000 na karin kumallon wadda ba ta zo ba, rarar ta tsaya a ₦24,000. Mun sauka Anguwar Rogo ranar Asabar kafin a kira magariba, aka ba direba cikonsa na 80,000 a ƙofar gida, ranar Lahadi kuma ma'aji ya tura bugu na ƙarshe gidan Saura duk sifili, ya mayar wa mutum 15 kowa ₦1,600.